Takardar ta'aziyya daga kamfani, da Hausa da Ingilishi

Assalamu alaikum Baba. Ni sakatariya ce a wani kamfanin sayen riɗi da wake a nan Damagaram. Jiya Litinin direbanmu ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Magarya, an yi jana'iza da yamma. Shugaba ya ce in rubuta wa ma'aikata takardar ta'aziyya da Hausa da Ingilishi, don akwai ƴan Gana da Indiyawa da ƴan kudancin Najeriya a cikinmu. Na rubuta ta Ingilishi na juya ta zuwa Hausa, amma da na karanta sai na ji kamar ba Hausa ba. Ina gyaran yake?

Wa alaikumus salam ƴata. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan, ya ba ku haƙurin rashi.

Kunnenki bai yi ƙarya ba. Ajiye waccan fassarar gefe guda, kada ki ɓata lokaci wajen yi mata faci, don ko kin gyara kalma goma ƙashin bayanta na Ingilishi ne. Abin da za ki yi shi ne ki ɗauki farar takarda ki rubuta abubuwan da suka tabbata kawai: cikakken sunan marigayin, aikinsa, shekarun da ya yi da ku, ranar rasuwa, inda aka yi masa sutura, gidan da ake zaman makoki, ranar addu'a da lokacinta, da abin da kamfani ya yanke zai yi. Daga wannan takarda guda za ki fitar da wasiƙa biyu, kowace ki rubuta ta daga farko a cikin harshenta. Waɗannan bayanai dole su zama ɗaya a duka biyun, har da awa da adadin kuɗi in akwai. Sauran maganar kuwa kowane harshe da hanyarsa. Kuma ki fara da ta Hausa, tunda mamacin da Hausa ya rayu, masu kukansa da Hausa suke kuka.

Dalilin da ya sa juyawa ba ta yiwuwa shi ne wasiƙun biyu aikinsu daban. Wanda zai ji ta Hausa ya riga ya san komai game da mutuwa a garin nan. Ya san an binne, wataƙila ma da shi aka kai gawar, ya san yadda ake zaman makoki. Abin da yake jira daga kamfani shi ne ya ji an yi wa abokin aikinsa addu'a yadda ta dace, an ambace shi da mutunci. Shi kuwa Ba'indiyen da ke riƙe da lissafinku, ko ɗan Ganan da ke kula da injin tace riɗi, bai san an riga an binne ba. A inda ɗan Gana ya fito gawa takan yi makonni kafin a binne ta, don haka zai zauna yana jiran a sanar da ranar jana'iza har kwana uku su wuce bai je gaisuwa ba, mutane su ce ba shi da zumunci. Saboda haka ta Hausa addu'a za ta fi yawa a cikinta, ta Ingilishi kuwa bayani.

Bari in nuna miki inda juyawa take cizo, don in ban yi kuskure ba wasu daga cikin waɗannan suna cikin takardar da kika ajiye.

Mai Ingilishi in mutum ya rasu da ƙuruciya ko bagatatan, yana da wata kalma da yake liƙa wa mutuwar wadda ma'anarta ita ce ta zo kafin lokacinta. A wurinsa tausayi ne. Shekarun baya, a wani kamfani da na yi wa aikin biro, an kawo mini irin wannan takarda daga sama aka ce in juya ta da sauri, ni kuma da ƙuruciya da son a ce na iya, na rubuta "mutuwar da ta zo ba a kan lokacinta ba". Aka liƙa a allon sanarwa kusa da ƙofa. Wani tsohon mai gadi da ba ya karatun boko ya sa yaro ya karanta masa. Ina tsaye ina jin su. Da yaron ya kai wurin, tsohon ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Sai ya juyo ya dube ni, ya gyara carbinsa, ya ce, "Malam, su mutanen biro su ne suka san lokacin?" Bai ƙara ko kalma ba. Kafin azahar na cire takardar. Musulmi ya yarda ajali ba ya gaba ba ya baya, in ka ce mutuwa ta yi sauri ka yi wa Mai ita gyara. Wannan kalmar ko a wasiƙar Ingilishi ki bar ta, domin akwai Musulmi masu karanta Ingilishi a cikinku. In kina son nuna girgizar da aka yi, ki ce rasuwar ta zo ba zato. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai ɗaga gira.

Haka nan Ingilishi yakan ce tunaninmu yana tare da iyalinsa. A Hausa wannan ba ta da ma'ana. Tunanin wa, kuma me zai yi wa marayu? Bahaushe addu'a yake yi: Allah ya ba su haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari, Allah ya albarkaci bayansa. Ingilishi yakan ce a yi shiru na minti guda don tunawa da mamaci, mu kuwa Fatiha muke karantawa da Ƙulhuwallahu. Wani lokaci ma yakan ce a taru a yi murnar rayuwar da ya yi, wadda in ta shigo Hausa sai ta zama kamar ana gayyatar biki a gidan mutuwa. Kalmar da yake sa wa a gaban sunan mamaci ita ce dai wadda yake faɗa wa wanda ya makara zuwa aiki, kuma na taɓa ganin wanda ya bi ƙamus ya kira marigayi makararre. Sai buɗewa da rufewa. "Ya ku ƙaunatattun abokan aiki" da "naku da gaske" duka rigar aro ce. Ki buɗe da sallama, ki rufe da wassalam.

Kalmar mutuwar kanta ki kula da ita. A takarda irin wannan ba a cewa "ya mutu". Ana cewa ya rasu, ko Allah ya yi masa rasuwa, ko ya riga mu gidan gaskiya. Ta biyun ta fi dacewa da bakin kamfani.

Akwai kuma abin da Ingilishi yake ɓoyewa, Hausa kuwa dole ta fito da shi. In akwai ɗan'uwan marigayin a cikin ma'aikata, kuma a harkar mota da wuya a rasa, don direba yakan jawo nasa ya zama yaron mota, Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga wa da ƙane. Ke kuwa sai kin san wanne ne. Kada ki yi hasashe daga fuska ko furfura. Ki tambaya, kuma ki tambaya ko ciki ɗaya ne ko ɗan baffa ne, don a nan duk "ɗan'uwana" ake cewa. Haka batun mata. In yana da biyu kika rubuta "matarsa", kin kunna wuta a gidan da ke cikin makoki. In ba ki tabbatar da adadin mata da ƴaƴa daga bakin babban gidan ba, ki tsaya a "iyalansa", ya wadatar. Ƙidayar ƴaƴa da aka yi kuskure a cikinta takan dawo lokacin rabon gado, wani ya ɗauko takardar kamfani ya ce ga shaida.

Suna ma yana da nasa tarkon a ƙasar nan. Takardun mutum da rubutun Faransanci suke, wanda muke kira Lawali a katinsa Laouali ne. A wasiƙar Hausa ki rubuta yadda ake faɗa, ki ƙara laƙabin da aka san shi da shi a wurin aiki in ba na tsokana ba ne, domin rabin lebura ba su san sunansa na yanka ba. A ta Ingilishi ki rubuta yadda yake a takardar albashi, saboda shi baƙon da wannan rubutun ya san shi.

To ga yadda zan rubuta ta Hausa in ni ne. Na sa Wane a madadin suna, ranaku da wurare kuma misali ne, ki sa naki.

"Zuwa ga dukkan ma'aikata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna sanar da ku cewa Allah ya yi wa ɗan'uwanmu kuma abokin aikinmu, Malam Wane ɗan Wane, direban babbar mota, rasuwa ranar Litinin sakamakon hatsarin mota a kan hanyar Magarya. An yi masa sutura a ranar bayan sallar la'asar.

Malam Wane ya yi shekara 11 yana aiki tare da mu. Duk wanda ya taɓa yi masa lodi ya san ba ya tayar da mota sai ya zagaya ya taɓa kowace igiya da hannunsa, kuma ba ya cin abinci a hanya sai yaron motarsa ya samu nasa.

Muna yi wa iyalansa, da ƙanensa Wane da ke aiki tare da mu, da ku baki ɗaya, da mu kanmu ta'aziyya. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba iyalansa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ana zaman makoki a gidan mahaifinsa da ke Garin Malam. Za a yi addu'ar uku ranar Alhamis da ƙarfe 8 na safe. A ranar ba za a fara aiki ba sai ƙarfe 11, kuma motar kamfani za ta tashi daga bakin ƙofa da ƙarfe 7 da rabi don masu son zuwa.

Wassalam.

Shugaban kamfani, a madadin hukumar gudanarwa."

Kin ga ba ta da tsawo. Mutum zai karanta ta da ƙarfi cikin minti biyu, kuma haka ake so, domin yawancin waɗanda aka rubuta dominsu da kunne za su karɓe ta.

Sakin layi na biyu shi ne ran wasiƙar, shi ne kuma wanda ba zan iya rubuta miki ba. Igiya da abincin yaron mota misali na ba ki. Ki fita daga biro ki je wurin lodi, ki tambayi waɗanda suka yi tafiya da shi abu ɗaya da suke tunawa. Za su ba ki cikin minti biyar, wataƙila da hawaye. In kika rubuta "mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana", kowa ya san wannan jimlar tana cikin kwamfuta tun kafin ya rasu, za a kuma sake ta ga na gaba. Abu ɗaya ƙarami da ya faru da gaske shi ke sa leburan da ke tsaye a rana ya gyaɗa kai ya ce wallahi haka yake. Abu ɗaya ko biyu sun isa. In yabo ya yi yawa ya zama kirari, kuma masu sauraro sun san mutumin fiye da shugaba.

Ki lura da "da mu kanmu". In kamfani ya ce yana yi wa ma'aikata ta'aziyya ya tsaya nan, ya fitar da kansa daga rashin, kamar baƙon da ya zo gaisuwa daga wani gari. Mutumin ku ne gaba ɗaya.

Ranar addu'a kada ki ƙidaya da yatsunki. Wasu gidajen daga ranar rasuwa suke fara ƙirga ukun, wasu daga washegari, wasu kuma ba sa yin taron uku ko bakwai ko arba'in sam, saboda fahimtarsu ta addini. Ki aika a tambayi babban gidan. In sun ce ba sa taro, ki rubuta cewa ana karɓar gaisuwa a wuri kaza har rana kaza, shi ke nan. Kamfani ba ya shiga wannan saɓanin.

Yanzu batun da ya fi kowanne haɗari, tunda a bakin aiki ya rasu. Jimlar "sakamakon hatsarin mota a kan hanyar Magarya" ita ce iyakarki. Kada ki ce taya ce ta fashe, kada ki ce birki, kada ki ce gudu ko barci ko lodi ya yi yawa, ko da duk garin haka yake faɗa. Jandarma suna da rahotonsu, akwai kuma takardar hatsarin aiki da kamfani zai kai asusun inshorar ma'aikata, wato CNSS, wadda haƙƙin matansa da marayunsa ya rataya a kanta. Wasiƙar da ke ɗauke da hatimin kamfani da sa hannun shugaba shaida ce. In kika ɗora laifi a kan direba kin cuci iyalansa, in kika ɗora a kan mota kin yi ikirari a madadin kamfani ba da izini ba. Kuma nan ne wurin da wasiƙun biyu suka fi saurin rabuwa ba a sani ba: ta Ingilishi ta ce hatsari kawai, ta Hausa ta ƙara "motar ta ƙwace masa" don jimlar ta yi daɗi. Mai jin harsunan biyu zai gani, washegari a ce kamfani yana faɗa wa baƙi magana ɗaya, ƴan gari wata.

Sai kuɗi. Shugabanni in zuciyarsu ta karye sukan ce a rubuta "kamfani zai tsaya wa iyalansa". A Ingilishi irin wannan magana ta ladabi ce, ba wanda ke riƙe ta. A Hausa alkawari ne. Matar da ke cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta fita neman abinci, in aka karanta mata cewa kamfani zai ɗauki nauyinsu, za ta jira buhun hatsi a ƙarshen kowane wata, kuma tana da gaskiya. Ki koma wurin shugaba ki tambaye shi ƙarara me aka yanke. In ba a yanke ba, kada wasiƙar ta ce komai. In an yanke, ni dai shawarata a bar adadin daga wasiƙar da za a liƙa a bango, a kai gudummawar hannu da hannu tare da shaidu biyu. A kuma raba ta da haƙƙinsa, wato sauran albashi da kuɗin hutun da bai ci ba. Wannan dukiyarsa ce, ta magada ce, ba kyautar kamfani ba, kuma kiran ta gudummawa a takarda rashin gaskiya ne.

In ma'aikata za su yi karo-karo kuma ana son a sanar a wasiƙar, to ki rubuta adadin da lambobi, ki sa sefa a bayansa, a duka harsunan. Kin san yadda muke ƙirga kuɗi: dala sefa 5 ce, jika sefa 1000. In wakilin ma'aikata ya ce kowa ya kawo dala ɗari, sefa 500 yake nufi. Ranar da wannan ta shiga Ingilishi a matsayin dalar Amurka ɗari, kin nemi fiye da jika hamsin a hannun kowane baƙo. Ko ɗan Najeriya mai jin Hausa ba lalle ya gane ƙirgar dala ba. Ki rubuta "sefa 500" kowa ya huta.

Mu koma kan ta Ingilishi. Ita ma gajera ce, amma tsarinta daban. Ki buɗe da jimla ɗaya mai cewa cikin alhini kamfani yake sanar da rasuwar Wane, da aikinsa, da ranar, da dalilin a kalmomin nan da ba su wuce na Hausa ba. Inna lillahi ki bar ta da Larabcinta a haruffan boko, ki bi ta da ma'anarta a layi ɗaya, cewa daga Allah muke kuma gare shi za mu koma. Aya ce, ta 156 a Suratul Baƙara, don haka a rubuta ta daidai ko a bar ta. Daga nan sai jimlar da babu ita a ta Hausa: cewa bisa tsarin Musulunci an riga an binne shi a ranar, kuma abin da ya rage ga abokan aiki shi ne zuwa gaisuwa gida cikin kwanakin nan uku. Sai shekarunsa da ku, da wancan abu ɗaya da aka tuna da shi, a faɗe shi yadda Ingilishi ke faɗa. Addu'o'in nan biyar ko shida na Hausa ki dunƙule su a jimla ɗaya: muna roƙon Allah ya yi masa rahama, ya ba iyalansa haƙuri. In kika jera su duka a Ingilishi sai su yi kamar huɗuba.

Sannan ki ba baƙon abin da zai riƙe ya je. Gida kaza, unguwa kaza, da wanda zai raka shi. Maza suna zaune a waje kan tabarmi, mata suna cikin gida. A cire takalmi kafin a hau tabarma. Ba a kai furanni, ba a kuma bukatar baƙaƙen kaya, sutura mai mutunci ta isa. Zaman minti goma ya wadatar, in aka ɗaga hannu ana addu'a ya zauna shiru ko ya ɗaga nasa, duk daidai ne. Ki rubuta masa kalmomi biyu na Hausa a cikin wasiƙar yadda suke, "Ya haƙuri?" da "Allah ya ba da haƙuri", ki gaya masa za a amsa da godiya. Na ga Ba'indiye ya durƙusa gaban wani dattijo ya faɗi wannan da karyayyen harshe, dattijon ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya daɗe bai saki ba.

Lokaci a ta Ingilishi da agogo ake faɗarsa. "Bayan la'asar" a wurinmu lokaci ne sananne, a wurinsa ba komai ba ne, sai ki ce wajen ƙarfe 4 na yamma. Kwanan wata kuma ki rubuta sunan watan da haruffa. In kika sa 04/05, mu da muka saba da tsarin Faransanci 4 ga Mayu muka gani, wanda ya saba da na Amurka 5 ga Afrilu zai gani.

Wata rana za ta zo da mamacin Kirista ne, ko ɗaya daga cikin baƙin. A ranar tsarin yana nan, addu'ar ce take sauyawa. A wasiƙar Hausa ki ce Allah ya ba iyalansa da mu haƙurin rashi, Allah ya ta'azantar da su, ki tsaya nan. Wannan kowa yana iya cewa amin a kanta da zuciya ɗaya. Kuma a ranar ta Hausa ce za ta ɗauki bayani, domin ƴan gari ne ba su san yaushe za a binne ba, ko za a kai gawar gida, ko ina za su je gaisuwa.

Wajen bugawa, ki sa su a takarda ɗaya, Hausa a sama ko a fuskar farko, Ingilishi a biye, kwanan wata ɗaya, sa hannu ɗaya. In kowace ta fita daban, wani zai ce an ɓoye masa abin da ke cikin ɗayar. Ba wanda zai ga baƙon abu a haɗa waɗannan harsuna biyu yanzu, tunda dokar sake gina ƙasa ta watan Maris na 2025 ta sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Amma takardun da za su tafi CNSS da wurin mai duba harkar ƙwadago wata hanya ce daban, kada ki haɗa su da wannan.

Ki kula da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. A wasiƙar mutuwa rashinsu yana da tsada. Asalin maganar "Allah ya ji ƙansa" ce, daga jin ƙai. In lanƙwasar ta faɗi sai ta koma "jikansa", ɗan ɗansa ke nan. Mai karatu da ya ƙware zai gyara da bakinsa, amma yaron da aka miƙa wa takarda ya karanta wa jama'a abin da ya gani zai faɗa. Wasu injinan bugawa kuma ɗan akwati suke fitarwa a wurin harafin, don haka ki mai da takardar PDF, ki buga guda ɗaya ki duba da idonki kafin ki buga sauran.

Kafin ta fita, ki samu mutum biyu. Na farko dattijo a cikin ma'aikata, wanda ba ya jin Ingilishi ko kaɗan. Ki karanta masa ta Hausa da ƙarfi, ki dubi fuskarsa. Duk inda ya ce "wato me?" to Ingilishi ne ya leƙo, ki goge ki faɗa yadda za ki faɗa masa da baki. Na biyu mai jin harsunan duka, ki ba shi waccan farar takarda ta farko da alƙalami, ya bi suna, da rana, da awa, da unguwa, da adadi ɗaya bayan ɗaya a wasiƙun biyu.

Yau Talata, addu'a Alhamis a misalinmu, saboda haka wasiƙar ta fita yau kafin a tashi. Kada ta tsaya a allon sanarwa. A tara mutane a filin lodi bayan la'asar, shugaba ya tsaya a wurin ko da ba ya jin Hausa, wani babba ya karanta, a yi Fatiha. Direbobin da ke hanyar Kano ko Agadas a tura musu da murya ta WhatsApp, kuma wanda ya karanta a fili shi zai ɗauki muryar, kada a sa hoton motar ko na wurin hatsarin. Kofi ɗaya mai hatimi a sa a ambulan, a ba tawagar da za ta je Garin Malam ta miƙa wa mahaifinsa.